Me Ya Sa Fuskar Bogi Ke Tonuwa Idan An Juya Kai?

Manhajar musanya fuska tana fara aiki ne da neman alamomi, sau da yawa ɗigo 68 a kan idanu, hanci, baki da haɓa, don ta daidaita sabuwar fuskar a kansu. Idan mutum ya ɗan karkata, hanci yakan fara tare ido na nesa, sai manhajar ta koma cinke. Ya juya gefe sosai kuwa, kusan rabin alamomin sun ɓace.

Ga kuma ƙarancin hotunan koyo: wa ke ɗaukar hoton kansa ta gefe? Tsinin hanci da tudun haɓa kuma ba sa bayyana sosai a hoton gaba, dole manhajar ta ƙirƙiro su. Shi ya sa a kiran bidiyo, idan ka sa mai fuskar bogi ya juya, sau da yawa kumatu kan yi dishi-dishi, layin muƙamuƙi ya riƙa rawa.