Yadda ɗan kasuwa zai sanar da abokin ciniki cewa kayansa za su makara

Jinkirin kaya ba baƙon abu ba ne ga masu shigo da haja ta tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas zuwa kasuwar Kantin Kwari ta Kano. Sau da yawa, abin da ke raba ɗan kasuwa da abokin cinikinsa shi ne shirun da ke biyo bayan jinkirin, ko kuma amsar nan ta "kaya na hanya" da ake ta maimaitawa.

A ɗauki misalin wani mai sayar da atamfa a Kano, wanda ya karɓi rabin kuɗin bandir 200 daga wata mai shago a Gusau, bisa alkawarin kai mata kayan ranar 10 ga wata. Ana saura kwana huɗu, sai wakilinsa ya shaida masa cewa jami'an kwastan sun tsayar da kwantenar domin bincike.

Abu na farko shi ne ya sanar da ita a ranar da ya samu labarin, tun kafin ta tambaya, domin ita ma ta yi wa masu anko alkawari. Ga irin saƙon da ya dace:

"Hajiya, barka da yini. Ina mai ba ki haƙuri, atamfarki bandir 200 ba za ta iso ranar 10 ga wata ba. Kwastan sun tsayar da kwantenar a Apapa domin bincike, kuma ba su faɗi ranar sakinta ba. Idan aka sake ta, mota za ta ɗauki kamar kwana huɗu zuwa Kano. Ina da bandir 60 irin wannan zanen, zan iya turo miki gobe. Idan kuma kin fi son kuɗinki, zan mayar miki. Zan kira ki ranar Alhamis da yamma, ko da ba a samu sabon labari ba."

Mugun labarin ya zo ne daf da gaisuwa, ba tare da kewaye-kewaye ba. Saƙon ya kuma bambanta abin da aka tabbatar da wanda ba a sani ba tukuna. Kuskuren da aka fi yi shi ne yanke sabuwar rana don a kwantar wa mai kaya hankali, alhali ranar ba a hannun ɗan kasuwar take ba. Idan ta wuce, alkawari biyu ke nan aka saɓa.

Ranar da ya yanke ita ce wadda yake da iko a kanta, wato ranar kiran waya. Haƙuri kuwa sau ɗaya ya bayar, domin yawan magiya kan sa mai karatu ya yi zargin an ɓoye wani abu.

Idan Alhamis ta zo ba a saki kwantenar ba, wajibi ne ya kira ya faɗi hakan, sannan ya sake miƙa mata zaɓin karɓar kuɗinta.