Shin Da Gaske Wake Yana Ciyar Da Dawa? Abin Da Na Koya A Gonarmu Ta Turawa

Yau gona za mu shiga, kuma zan fara ne da tona wa kaina asiri.

Shekarar da na gama jami'a na dawo gida Turawa, kuɗin taki ya yi tashin da kowa ke kuka da shi. Ni kuma na taho da wata magana da na tsinta a karatu: wake yana samar da taki da kansa. Sai na ce wa Baba, tunda gonarmu ta bayan gari masara ce haɗe da wake, babu buƙatar mu sayi yuriya, waken zai ciyar da masarar. Baba ya dube ni ya ce, "To ɗan boko, ga kunya goma nan na bar maka, ka gwada." Kafin masara ta fitar da kai, kunyoyina sun rabu da sauran gonar ko daga nesa. Ganyen ƙasa ya fara yin ɗorawa daga tsini, ɗorawar tana bin jijiyar tsakiya tana shiga ciki, karan kuma siriri. Alamar yunwar naitirojin ke nan. Shi kuwa waken, kore shar, ko a jikinsa. Baba bai ce min komai ba, wanda wallahi ya fi zagi ciwo.

To ina kuskuren yake? Maganar da na ɗauko rabinta gaskiya ce.

Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, wato sinadarin nan da muke saye a buhun yuriya. Amma dawa da gero da masara ba su iya ɗaukar sa daga iska. Wake da gyaɗa da waken suya su ma ba da kansu suke ɗauka ba. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya a cikin ƙasa, ana kiran su raizobiya, da ke shiga saiwarsu su yi 'yan ƙuraje su zauna a ciki. Tsiron yana ba su sukarin da ganyensa ya haɗa da hasken rana, su kuma suna juya naitirojin na iska ya koma abin da tsiron zai iya ci. Ciniki ne tsakanin su biyu, kuma wanda ya biya shi ke karɓar kaya. Abin da aka haɗa yana tafiya cikin ganyen waken da karansa da 'ya'yansa. Wanda ke zirarewa ya kai ga masarar da ke gefe a wannan daminar ɗan kaɗan ne, bai isa ya riƙe ta ba. Mafi yawan amfanin sai ganye ya zube, saiwa ta ruɓe, shukar baɗi ta ci.

Sai mutum ya ce, to idan haka ne, me ya sa iyayenmu suka dage a kan haɗa shuka, kuma rumbunsu yake cika? Ai ba tun yau aka yi wannan tambayar ba. Wani masani mai suna David Norman, da ke aiki a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya bi gonakin ƙauyukan Zariya a shekarun 1960, a lokacin da malaman gona da yawa ke ganin haɗa shuka ci-baya ne. A 1974 ya wallafa abin da ya gano: yawancin gonakin a haɗe ake noma su, kuma kadadar da aka haɗa ta fi kawo wa manomi kuɗi, sannan ba ta cika barin sa hannu rabbana ba a shekarar da ruwa ya yi gardama.

Asalin ribar a nan take: tsirran biyu ba a kwano ɗaya suke ci ba. Idan ka cika gona da dawa zalla, kowane tushe abin da maƙwabcinsa ke nema shi yake nema, a zurfi ɗaya, a mako ɗaya. Idan ka sa wake a tsakani, lissafin ya canza. Dawa ta fi shi saurin wawure naitirojin na ƙasa, shi kuma da ya ga ƙasar ta yi ƙaranci sai ya ƙara dogara da ƙurajensa. Ka ga gona ɗaya tana cin abinci daga wuri biyu, ƙasa da iska. Ba ciyar da dawar yake yi ba, ƙyale mata nata kason yake yi.

Haka abin yake ta wajen haske. Dawa da gero da masara 'yan rana ne, iya zafin da ta yi suna amfana. Wake yana iya tafiyar da rayuwarsa da hasken da ya ratso ta tsakanin kara, wanda da a ƙasa zai faɗi ya ciyar da ciyawa. Yaɗon da yake yi kuma yana rufe ƙasa, ciyawa ta ragu, laima ta daɗe.

Amma wanda ya fi burge ni shi ne rabon lokaci, don nan ne za ka san tsofaffinmu sun yi nazari ko da ba su rubuta ba. Gero ake fara shukawa da ruwan farko, ya yi saurinsa, a girbe shi wajen ƙarshen Agusta ko cikin Satumba. Waken gargajiya irin Kanannado ana tsoma shi ne daga baya, ya yi ta lallaɓawa a inuwa. Shi ba ya fure sai yini ya fara gajarta, wato daidai lokacin da aka sare gero, fili ya buɗe masa, ya ƙarasa da sauran laimar ƙasa da raɓa. Lokacin da gero ke tsananin buƙata, wake yaro ne. Lokacin da wake ke buƙata, gero ya tafi rumbu.

Yanzu ta yaya za ka san haɗin naka ya ci riba? Mutane da yawa a nan suke ruɗewa, su ce, "Ai dawata ta ragu da na sa wake." Ƙwarai za ta ragu, ba ita ce tambayar ba. Masana suna da ma'auni da suke kira LER, tambayarsa ɗaya ce: da a ce daban-daban na shuka su, fili nawa zan nema kafin in sami wannan amfanin?

Mu yi misali, alƙaluman na sauƙaƙe lissafi ne kawai. A ce hekta ɗaya ta dawa zalla tana ba ka buhu 15, hekta ɗaya ta wake zalla tana ba ka buhu 8. Ka haɗa su a hekta ɗaya, ka sami dawa buhu 12 da wake buhu 4. Sai ka raba kowanne da abin da yake bayarwa in shi kaɗai ne, ka tara:

LER = 12/15 + 4/8 = 0.8 + 0.5 = 1.3

Ma'ana, wanda ya ware su sai ya nemi hekta 1.3 kafin ya kamo ka. A wurinmu da gonar gado ke ta tsagewa tsakanin 'yan uwa, wannan ɗigo ukun gona ce guda da ba ka saya ba, ba ka yi aro ba. In lissafin ya ba ka 1, babu ci babu faɗuwa. In ya sauka ƙasa da 1, tsirran faɗa suke yi, gara ka raba su. Sai dai a kula, ma'aunin fili yake aunawa, ba kuɗi ba. Buhun wake ya fi na dawa tsada, don haka ka sake yin lissafin da farashin kasuwar Karaye ko ta Rogo, ka kuma sa kuɗin harawa a ciki.

Abin da ya fi kashe ribar nan inuwa ce. Doguwar dawa irin Farafara ko Kaura, in aka matse ta aka kuma ƙoshe ta da yuriya, rufe sama take yi ruf. Waken da ke ƙasa ya rasa hasken haɗa sukari, ba shi da abin biyan bakteriyarsa, ciniki ya tsaya. Za ka gan shi ya yi tsawo siriri, ganye jefi-jefi, fure kaɗan. Ita ma yuriyar in ta yi yawa a gindinsa sa shi lalaci take yi, tunda ga abinci a sauƙaƙe, sai ƙurajen su ragu.

Wannan matsalar ce ta sa masu bincike na ofishin IITA da ke Kano, ƙarƙashin Dakta B. B. Singh, suka fito da tsarin kunya biyu na hatsi, kunya huɗu na wake. Dabarar mai sauƙi ce. Kowane layin dawa yana bakin fili, yana shan haske ta gefe. Waken da ke tsakiya ya fita daga inuwa. Yuriya a gindin hatsi kaɗai za ka zuba ta, maganin ƙwari kuma a kan wake kaɗai, wanda a haɗin gargajiya da wuya ka iya feshi ba ka yi asarar rabin maganin a kan kara ba. Shi wake abin da ya fi so fosfaras ne, wato takin supa, ko kamfa kaɗan tun wajen shuka. Baɗi kuma sai ka matsar da layukan, dawa ta hau inda wake ya tashi, ta ci abin da ya bari.

Ni dai ina ganin tsarin ya fi dacewa da matashin da ke noma don kasuwa. Kashi biyu cikin uku na gonar wake ne, kuma magidanci mai baki goma sha a gida ba zai yarda ya rage hatsi haka ba. Baba cewa ya yi, "Kai, tuwo ake ci kullum a gidan nan, ba ƙosai ba." Kunya biyu da biyu muka tsaya a kai.

Akwai kuma wata ɓaraka da ba ma son faɗa. Wancan amfanin na baɗi, sai in an bar wani abu a gonar. Mu kuwa 'ya'yan mu kwashe, harawa mu ɗaure mu kai gida ko kasuwa, gyaɗa ma da saiwarta muke tuge ta. Naitirojin ɗin ya bi amalanke ya tafi. In dabbobinka ne suka ci harawar, mayar da takinsu gonar, shi ne hanyar da zai dawo. In sayarwa ka yi, kada ka sa ran dawar baɗi za ta ga wani babban canji.

Ga gwajin da na so a ce na yi kafin in buɗe baki a gaban Baba. In wakenka ya yi mako biyar zuwa shida, je ka da fartanya ka haƙo tushe uku ko huɗu daga wurare daban-daban. Haƙowa za ka yi, kada ka fizge, don ƙurajen tsinkewa suke yi su zauna a ƙasa. Wanke saiwar a hankali, ka tsaga ƙurji ɗaya da farce ko reza. In cikinsa ja-ja ne kamar nama, bakteriyar na aiki. In fari ne, ko dai bai nuna ba tukuna ko kuma zaman banza yake yi. In ya koma kore ko baƙi-baƙi, ya gama nasa. Ƙurjin gaskiya a gefen saiwa yake maƙale, kana murza shi zai fita. In kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura ta yi gaɓa-gaɓa, wannan tsutsar ƙasa ce, cuta ce ba taki ba. Wanda ya tarar da ƙurajen kaɗan ne ko farare a yawancin tushen da ya haƙo, ya fara duba abu biyu: yawan yuriyar da ta kai gindin waken, da kuma ko ya taɓa ba gonar supa.