Hukuncin Cankar Amsa a Jarrabawar da Ake Rage Maki

Ɗalibin da ya taso a Bune, ya wuce Gure ko Damagaram neman ƙarin ilimi, ko ba daɗe ko ba jima zai gamu da irin takardar nan da masu karatun Faransanci ke kira QCM, wadda ake jera amsoshi huɗu ko biyar ƙarƙashin kowace tambaya, a ce ya zaɓi ɗaya. To, da yake jahili ma yana iya dacewa in ya canka, sai waɗansu masu shirya jarrabawa suka sanya tara a kan kuskure, alhali wanda ya bar gurbin fayau ba a ba shi, ba a kuma karɓe masa kome ba. Tsoron wannan tara ya sa ɗalibai da yawa suna barin makin da haƙƙinsu ne, domin ba su san mas'alar ta hisabi ce ba.

Abin da ya wajaba tun farko shi ne karanta sharuɗɗan da ke saman takarda, gama hukuncin ya sha bamban. Jarrabawar JAMB ta Nijeriya ba ta rage maki, saboda haka barin gurbi a cikinta hasara ce tsantsa. Jarrabawar SAT ta Amurka kuwa ta daɗe tana cire rubu'in maki kan kowane kuskure, sai a 2016 aka soke wannan. A Indiya, matakin farko na jarrabawar ɗaukar manyan ma'aikatan gwamnati yana cire sulusin makin tambaya, amsoshi kuma huɗu ne.

Mu ɗauki wannan na ƙarshe, mu ƙaddara daidai maki 3 ne, kuskure a cire 1, kuma tambayoyi 12 sun gagari ɗalibi. In ya canka ido rufe, bisa galibi zai dace a 3 ya kuskure 9, ya sami maki 9 a karɓe 9, ya tashi ba riba ba faɗuwa. Ai dama don haka aka zaɓi sulusi. Amma in iliminsa ya kai ya jefar da amsa guda wadda ya tabbata ɓatacciya ce, ya canka cikin ukun da suka saura, sai ya dace a 4 ya kuskure 8, watau 12 a ɗebe 8, ribarsa 4. In kuwa biyu ya jefar, dacewa 6 kuskure 6, ya tashi da maki 12 cur, waɗanda mai tsoro ya bari a kan tebur.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan ita ce a raba tara da jimillar tara da lada: abin da ya fito shi ne gwargwadon zaton dacewa da ake bukata kafin a sa alƙalami. A misalinmu 1 cikin 4 ne. Inda lada 4 tara 1, kamar jarrabawar NEET ta shiga karatun likita a Indiya, 1 cikin 5 ne, har ma cankar makaho tana da ƴar riba. Inda kuwa aka tsananta, lada 1 tara 1, sai zato ya haura rabi, domin wanda ya canki 12 ɗin nan ido rufe zai yi hasarar maki 6, wanda ya jefar da biyu ma jarinsa kawai zai mayar.

Sai dai hisabin duka ya rataya ne a kan sahihancin jefarwar, kuma a nan ne, a ganina, aka fi halaka. Malamanmu na fiƙihu sun rarrabe yaƙini da zato mai rinjaye da shakka da wahami, ɗalibi kuwa cikin zafin jarrabawa yakan ɗauki wahaminsa yaƙini, musamman da yake mai tambaya da gangan yake dasa amsar da ta yi kama da gaskiya, wadda ita ce sakamakon kuskuren da aka saba yi, kamar manta alamar ɗebewa a lissafi. Wanda ya jefar da amsar gaskiya tun farko, ko wace ya zaɓa daga baya tara ce. Hanyar gane wannan illa ita ce ya zauna da tsofaffin takardu, ya sa alama gefen kowace amsa, ta yaƙini daban ta zato daban, bayan gyara ya ƙirga. In cikin amsoshi 20 da ya kira zato ya dace a 11, zatonsa abin dogara ne ƙarƙashin tarar sulusi, gama 33 a ɗebe 9 saura 24. In 5 kaɗai ya dace, to da shi da makaho ɗaya.

Lissafin galibi kuma ba alkawari ba ne ga takarda guda, mai canka 12 yana iya kuskure 11. Saboda haka a jarrabawar da aka yanke makin tsallakewa, wanda ya ƙirga amsoshinsa na yaƙini ya ga ya haye da kyar, gara ya bar abin da yake shakka. Wanda ya ga bai kai ba, barin gurbi faɗuwa ce tabbatacciya, canka ce kaɗai ƙofarsa. A gasar da ake ɗaukar na sama-sama kuwa babu wanda ya san inda za a ja layi, don haka duk tambayar da zatonsa ya haura ƙa'ida, ya amsa ta.