Tafinta Tsakanin Fushi Biyu

Duk wanda ya zauna a unguwar Hausawa ta Fatakwal, ko Anaca, ko Inugu, ya san ciniki ba ya tafiya sai da tafinta. Wani lokaci dillali ne, wani lokaci yaron maigida ne da aka haifa a nan, yana jin Ibo da Buroka kamar Hausa. Faɗar farashi ba ta da wuya. Ranar da mai saye ya dawo a fusace, ranar ce ake gane gwani.

Ga irin abin da yakan faru. Wata 'yar kasuwa a kasuwar Ose ta Anaca ta sayi wake buhu 10 a hannun wani Alhaji wanda bai daɗe da sauka ba. Da ta kwance, sai ta tarar buhu 3 ƙwari sun cinye ƙasansu. Ta dawo tana tafa hannu tana ɗaga murya, ta ce shekara 5 tana saye a wannan rumfa, yau an yi mata "wayo", a canja mata buhunan yau, in ba haka ba ta kai ƙara wajen shugabannin kasuwa. Alhaji bai ji ko kalma ɗaya ba sai "wayo". Ya dubi dillali, ya ce, "Malam, me take cewa?"

Tafinta na iya faɗawa rami biyu. Na farko shi ne ƙarin gishiri, ya ce, "Alhaji, ta ce kai ɓarawo ne." Matar ba ta ce haka ba, kuma kalmar ɓarawo a tsakiyar kasuwa ashana ce kusa da fetur. Daga nan an bar maganar wake, an koma ta mutunci. Na biyu shi ne sassautawa, ya ce, "Ba komai, 'yar magana ce a kan wake." Sai Alhaji ya yi murmushi ya ci gaba da lissafinsa. Ita kuwa ta ga ana mata dariya, ta tafi da cinikin shekara 5.

Gwani yakan raba maganar gida uku: abin da ya faru, abin da ake nema, da zafin rai. Sai ya ce, "Alhaji, ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce cikin buhu 10, uku duk ƙwari ne a ƙasa. Tana ganin an cuce ta da gangan, ga shi ta shekara 5 tana saye a nan. Tana so a canja yau, in ba haka ba za ta kai ƙara." Ba zagi a ciki, amma zargi da wa'adi da barazana duk sun isa kunnen Alhaji. Kuma ya riƙa cewa "ta ce", don kada a ɗauka ra'ayinsa ne.

Akwai kalmomi masu yaudara. "Wayo" Hausa ce, amma a Buroka ta yi nauyi, ta zama zamba tsantsa. Wanda ya mayar da ita yadda ya ji ta ya rage ƙarar, sai dai ya ce cuta. Idan Ibo ya ce "Cineke", sunan Allah ya kira don mamaki, ba tsinuwa ba ce. Haka nan in Alhaji ya amsa da "ta yi haƙuri", kada a juya mata da cewa ta jira. Ban-haƙuri ne, a faɗa mata hakanan, a haɗa da abin da za a yi game da buhunan.

To, in da gaske an yi zagin fa? Tafinta ba zai ɓoye ba. Ya ce, "Ta haɗa da baƙar magana," ya wuce kan batun wake, sai in an nemi jin kalmar. Amma gaban Sarkin Hausawa ko alƙali, inda ake bin diddigin wanda ya fara, dole ya faɗi kowace kalma yadda ta fito.

Mai kaya ma yana iya auna tafintansa. In mace ta yi minti biyu tana magana aka ba shi kalma uku, an rage. In ya fi ta hasala bayan fassara, alhali bai ji adadin buhu ba, an ƙara. Sai ya tambaya: buhu nawa, me take so, zuwa yaushe? Dillali yana da la'ada a cikin cinikin, saboda haka in kaya masu yawa ne, gara a kira wanda ba shi da ko kwabo a ciki.