Rage Girman Hotuna a Lokaci Guda Ba Tare da Sun Lanƙwashe Ba

Hoton da waya ta ɗauka yakan kai fiksel 4000 a faɗi da 3000 a tsayi, nauyinsa kuma megabait uku ko huɗu. Shafin intanet kuwa ba kasafai yake buƙatar fiye da faɗin 1200 ba. Idan mai sayar da atamfa ya ɗora irin waɗannan hotuna ɗari biyu yadda suke, datar mai saye ce za ta ƙare kafin ya ga kayan.

Maganin shi ne a rage su duka a tashi ɗaya, amma faɗi kawai za a faɗa wa manhaja, a bar ta ta lissafa tsayi. Daga 4000 zuwa 1200, an koma kashi 30 cikin ɗari ke nan, don haka tsayin 3000 shi ma zai koma 900. Hoton tsaye mai 3000 da 4000 kuwa zai zama 1200 da 1600. Duk wanda ya tilasta wa hotuna biyun nan awo ɗaya, zai ga fuskoki sun baje, faranti ya koma kamar ƙwai.

Manhajar ImageMagick kyauta ce, kuma da layi biyu take gama aikin a cikin foldar hotunan:

```
mkdir kanana
magick mogrify -path kanana -auto-orient -resize "1200x>" -quality 82 *.jpg
```

Alamar `>` ita ce zuciyar umarnin. Tana nufin hoton da ya wuce 1200 kaɗai za a taɓa. Idan babu ita, ƙaramin hoto mai faɗin 800 za a ja shi ya kai 1200, ya fito dishi-dishi, ga ƙarin nauyi a banza.

Inda na fi jin tsoro shi ne `-path`. Idan aka manta da shi, `mogrify` zai danne hotunan asali ba tare da tambaya ba, kuma fiksel ɗin da ya tafi ba ya dawowa. Shi ya sa ake fara buɗe foldar `kanana`, sababbin su sauka can.

Shi kuma `-auto-orient` dole ya gabaci ragewa. Wayoyi da yawa suna ajiye hoton tsaye a kwance, su bar 'yar alama a ciki cewa a juya shi. Idan ba a fara juyawa ba, abin da manhaja ta ɗauka faɗi, tsayi ne, sai hoton ya fito da faɗin 900.

Bayan an gama, a buɗe uku a duba: na kwance, na tsaye, da wanda dama ƙarami ne. Na farko da na biyu su nuna faɗin 1200, na ukun kuma awonsa bai canja ba. Kada a goge na asali, domin ranar da za a buga kalanda ko fosta, su za a nema.