Gyara Daban, Ƙara Daraja Daban

A shagon walda, kuɗin da ya dawo da inji yadda yake, kamar naira 40,000 na sake naɗin wayar injin da ya ƙone, kuɗin gudanarwa ne. Ana cire shi gaba ɗaya daga ribar wannan shekarar.

Amma idan aka sa wa injin sabon moto na naira 500,000 mai ƙara masa ƙarfi da tsawon rai, wannan jari ne. Ana rubuta shi cikin kadarori, a riƙa cire 100,000 kowace shekara idan zai yi shekara 5.

Wanda ya rubuta gyara a matsayin jari ya kumbura ribarsa da ƙarya.