Ɗigon Ruwa a Kan Sikeli: Yadda Ake Gwada Maikirofifet

Maikirofifet, ɗan bututun nan da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje ke zuƙar jini ko sinadari da shi, ba ya faɗa maka in ya fara ƙarya. Ka saita shi a kan maikirolita 10, lambar na nan daram, amma abin da ya zubo Allah kaɗai ya sani. Hanyar kama shi, wadda ƙa'idar ISO 8655 ta tsara, ita ce a auna nauyin tataccen ruwan da ya zubar, sau goma, a kan sikeli mai ganin kashi ɗaya cikin dubu na miligiram.

Bari mu ɗauki misali. A ɗaki mai zafin digiri 25, matsakaicin awo goma ya ba da miligiram 9.83. Mai gaggawa zai ce maikirolita 9.83 ke nan, giɓin 0.17, alhali ƙa'ida ta yafe 0.12 kawai ga irin wannan na'ura. Sai ya aika da ita gyara, ita kuwa lafiyarta lau.

Kuskurensa na farko shi ne ɗaukar miligiram ɗaya daidai da maikirolita ɗaya. Ruwa na buɗewa in ya ji ɗumi, iska kuma tana ɗan tallafe abin da ke kan sikeli. Lambar Z ce ke gyara duka biyun: a matsin iska na bakin teku, 1.0029 ce a digiri 20, 1.0040 a digiri 25.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Tun daga lokacin da aka mayar da sikeli sifili har a karanta shi, ruwan cikin kwalbar awo yana ƙafewa. Don gane nawa ya tafi, sai a bar kwalbar ba a ƙara mata komai ba, na tsawon lokacin da awo ɗaya ke ci, a ce daƙiƙa 30. A misalinmu ta ragu da miligiram 0.06. Wannan ruwa na'urar ta zubo shi, iska ce ta sha, don haka mayar mata da shi za a yi:

V = (9.83 + 0.06) × 1.0040 = 9.93

Giɓin ya koma 0.07, ta tsallake. Da Z kaɗai aka sa, 9.87 za a samu, ta faɗi da ƙyar.

A ganina, wanda ke aiki a Kano ko Damagaram cikin hunturu, lokacin da iska ke bushewa ƙayau, bai kamata ya dogara da lissafi kaɗai ba. In lambar sikeli na ta sauka a gaban idonka, rufe kwalbar, ka ajiye ɗan ruwa kusa da ita don laima ta haura kashi 50 cikin ɗari.

Akwai kuma abin da Z ba ta gyarawa: bambancin zafi tsakanin ruwa da iskar da ke cikin na'urar. Shi ya sa ake barin ruwa, bakunan roba da na'urar a ɗaki ɗaya na awa biyu, a kuma zuƙa a zubar sau biyar kafin awon farko.